Wa Ya Riga Wa? Yadda Ake Warware Tambayar Jeri a Jarrabawa

A cikin tambayoyin zaɓi da ake yi wa ɗalibai a jarrabawar JAMB da WAEC akwai wani iri da ke cin lokaci fiye da ƙimarsa. Za a lissafo abubuwa huɗu ko biyar, a sa wa kowanne lambar Romawa, I da II da III da IV, sannan a ce a jera su yadda suka faru, ko yadda ya kamata a aikata su. A ƙasa kuma ga haruffa, A zuwa D, kowanne ɗauke da waɗannan lambobi a cuɗe ta wata fuska. Ido na sauka a kansu sai ya ga duk kamarsu ɗaya. Makin tambayar bai fi na sauran ba, amma ɗalibi kan ɓata mata mintin da zai ishe shi amsa uku.

Lokacin kuwa ba shi da yawa. A jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, wadda ake yi a kwamfuta, tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu: 60 na Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. In aka raba, daƙiƙa 40 ke zuwa wa kowace tambaya. Wanda ya tsaya sai ya tuno shekarar kowane abu, ya jera su a kansa, sannan ya koma yana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya yi daidai da nasa, ya riga ya ci bashin lokacin tambayoyin gaba.

Kuma ba wannan aikin aka ba shi ba. Abu huɗu ana iya jera su ta hanya 24, abu biyar ta hanya 120. Mai tambaya ya riga ya zubar da kusan dukkansu, ya bar huɗu kacal a gabanka, ya kuma yi alkawarin cewa ɗaya daga ciki daidai ne. Saboda haka ba a nemi ka gina jeri daga tushe ba. Abin da ya rage maka shi ne ka kama uku da laifi. Mai sayen ƙwan zabi a bakin hanya ba ya fasa kowanne ya duba cikinsa. Ruwa yake sa a kawo a kwano, wanda ya taso ya mayar wa mai shi. Jeri ma kuskure ɗaya ya isa ya tashe shi, ko da sauran duk suna kan daidai.

Tambaya ɗaya ce ke wannan aiki, ita ce: tsakanin wannan da wancan, wa ya riga wa? Ka ɗauki abu biyu kawai daga cikin jerin, waɗanda ba ka da shakka a kan wanda ya gabata, ka bi haruffan nan huɗu kana duba inda biyun suka zauna. Duk harafin da ya sa na baya a gaba ya faɗi, babu buƙatar karanta sauransa.

Bari mu gwada da tarihin da yawancinmu muka taso muna ji. A ce an yi tambaya haka: jera waɗannan abubuwa na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga na farko zuwa na ƙarshe.

I. Faɗuwar Alkalawa
II. Hijira daga Ɗagel zuwa Gudu
III. Rasuwar Shehu
IV. Yaƙin Tabkin Kwatto
V. Kafa garin Sakkwato a hannun Muhammadu Bello

A. II, I, IV, V, III
B. IV, II, I, V, III
C. II, IV, I, V, III
D. II, IV, V, I, III

Kafin ka taɓa tarihi, fara da kallon haruffan daga sama zuwa ƙasa, ba daga hagu zuwa dama ba. Dubi layin ƙarshe: III, III, III, III. Dukkansu sun yarda rasuwar Shehu ce ta zo ƙarshe. Ke nan sanin da ka yi cewa ya rasu a 1817, duk da gaskiya ne, ba zai kayar maka da ko harafi ɗaya ba. A nan ɗalibai da yawa ke asarar lokaci: suna murna da abin da suka fi sani, suna tabbatar da shi a kowane layi, alhali ba a kansa ake gardama ba. Inda haruffa suka yi ittifaƙi, wuce. Inda suka saɓa, nan tambayar take.

A layin farko akwai saɓani. Uku sun fara da II, ɗaya ya fara da IV. To, hijira da Tabkin Kwatto, wa ya riga wa? Shekararsu ɗaya, 1804, don haka wanda ya haddace shekaru kaɗai zai tsaya cak a nan. Amma wanda ya san labarin ya san sai da jama'a suka bar Ɗagel suka taru a Gudu, suka yi wa Shehu mubaya'a, sannan Sarkin Gobir Yunfa ya fito musu da runduna aka gwabza a Tabkin Kwatto. Hijira a watan Fabrairu, yaƙin a watan Yuni. B ya faɗi.

Saura A da C da D. A ya sa faɗuwar Alkalawa kafin Tabkin Kwatto, sauran biyun sun sa ta bayansa. Wannan ba ya buƙatar shekara ko kaɗan. Alkalawa ita ce babban birnin Gobir, kuma a faɗuwarta aka kashe Yunfa. Sarkin da aka kashe ba zai jagoranci yaƙi daga baya ba. A ya faɗi.

Yanzu C da D kaɗai suka rage, kuma in ka ɗora su kan juna za ka ga wuri ɗaya suka bambanta: I da V sun yi musayar gurbi. Tambayar da ta fara da abu biyar da hanya 120 ta koma ƙwaya ɗaya: an ci Alkalawa kafin a kafa Sakkwato, ko bayan haka? Alkalawa ta faɗi a 1808, Bello ya kafa Sakkwato a 1809. Amsa C. Ko da ɗalibi ya manta waɗannan shekaru biyu, hankali zai karkata da shi wuri guda, don ba a cika zama gina sabon birni ba alhali babban abokin gaba na nan da ƙarfinsa. In ma hankalin bai ba shi komai ba, canki tsakanin biyu ya fi canki tsakanin huɗu.

Sau uku muka tambayi wa ya riga wa, ba mu taɓa jera abu biyar a ka ba. A takarda, soke harafin da ya faɗi da ɗan layin fensir a kan takardar tambaya. A gaban kwamfuta, yatsu huɗu sun isa: manuni A, na tsakiya B, haka har ƙaramin yatsa, duk wanda ya faɗi ka lanƙwashe shi. Abin kamar wasa, amma yana hana ka komawa kan harafin da ka riga ka kayar, wanda shi ne ɓarnar da ta fi yawa idan hankali ya tashi.

Wane biyu za a fara ɗauka?

Ba kowane biyu ne ke da amfani iri ɗaya ba. Abu biyar na da haɗi goma na biyu-biyu, kuma ba ka da lokacin gwada su duka. Sharuɗɗa biyu ke jagorantar zaɓi. Na farko, ka tabbata da amsar. Na biyu, haruffan su saɓa a kanta. In aka samu biyun da suka raba haruffa gida biyu daidai, biyu nan biyu can, shi ne mafi riba, domin ko ta ina amsa ta faɗa rabi sun tafi. Wanda ya ware harafi ɗaya kaɗai, kamar yadda muka yi da B a sama, yana aiki, sai dai a hankali.

Ana yawan gaya wa ɗalibai su nemi na farko da na ƙarshe. Shawara ce mai kyau, don farko da ƙarshe sun fi zama a ƙwaƙwalwa, kuma ido ya fi saurin ganinsu a gefen layi. Amma masu shirya tambaya su ma sun san da ita, shi ya sa sukan daidaita farko ko ƙarshe a dukkan haruffa su tura rigimar tsakiya. Ni a ganina farko da ƙarshe wuri ne na leƙawa cikin daƙiƙa biyu. In ba su raba gardama ba, kada a tsaya musu.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Biyun da za ka gwada ba dole ne su kasance maƙwabta a jerin ba. Hasali ma na nesa da juna sun fi tabbas. Mutum na iya ruɗewa tsakanin 1808 da 1809, amma da wuya ya ruɗe tsakanin farkon jihadi da ƙarshensa. Don haka wajen kayarwa, fara da na nesa, ka bar na kusa sai dole ta sa.

Wajen tabbatarwa kuwa akasin haka ne. Idan harafi ɗaya ya rage, bi shi sau ɗaya daga hagu zuwa dama, kana duba kowane abu da wanda ke biye masa kawai. A misalinmu: hijira kafin Kwatto, Kwatto kafin Alkalawa, Alkalawa kafin Sakkwato, Sakkwato kafin rasuwar Shehu. Mahaɗa huɗu ke nan, kuma sun wadatar. In hijira ta riga Kwatto, Kwatto kuma ya riga Alkalawa, ba sai an sake tambaya ko hijira ta riga Alkalawa ba. Wannan bi na ƙarshe bai kamata a tsallake shi ba, domin shi ne ke kama wanda ya karanta IV a matsayin VI, ko II a matsayin III, abin da ke faruwa sosai idan ido ya gaji da hasken allo.

Idan matakan aiki ne, ba tarihi ba

Tambayar jeri a darussan kimiyya, da aikin gona, da gwamnati, sau da yawa ba shekaru take nema ba. Matakai ne na wani aiki. A nan wa ya riga wa tana da wata ƙanwa da ta fi ta kaifi: wannan mataki, me yake buƙatar ya tarar kafin a yi shi, kuma me yake bari idan an gama? Matakin da ya zo bai tarar da kayan aikinsa ba, ya zo ba a gurbinsa ba.

Ga misali daga kimiyyar sinadarai, irin wanda ɗaliban babbar sakandare suka saba gani. An cakuɗa yashi da gishiri da amoniyam kuloraid, wani farin gari da ke da hali na musamman: in aka ɗumama shi yakan tashi kamar hayaƙi ba tare da ya narke ya zama ruwa ba, in ya sami wuri mai sanyi ya sake daskarewa. Ana so a raba ukun.

I. Tacewa
II. Zuba ruwa a motsa
III. Ɗumama garin a bushe har wani sashe ya tashi
IV. Tafasa ruwan har ya ƙafe

A. II, I, III, IV
B. II, III, I, IV
C. III, II, I, IV
D. II, IV, I, III

Tacewa tana buƙatar ruwa, ƙafewa kuma tana kawar da ruwa. Saboda haka I dole ta riga IV. D ya sa ƙafewa kafin tacewa. Me za a tace bayan ruwa ya tafi? Ya faɗi. Mataki na III kuwa yana buƙatar busasshen gari. A da B duk sun sa shi bayan an zuba ruwa, kafin kuma a ƙafar da shi, lokacin da amoniyam kuloraid ya riga ya narke tare da gishiri, don shi ma ruwa na narkar da shi. Babu busasshen garin da za a ɗumama ya tashi. Biyun sun faɗi a bugu ɗaya. C ya rage, kuma in ka bi mahaɗansa za ka ga kowane mataki ya miƙa wa na gaba abin da yake nema: zafi ya fitar da na farko, ruwa ya narkar da gishiri ya bar yashi, tacewa ta riƙe yashi, ƙafewa ta bar gishiri a ƙasan kwano.

Wannan misali yana ɗauke da darasi biyu da suka sa na zaɓe shi. Ɗaya, ɗalibi mai kaifin basira zai iya gina nasa jeri ya samu II, I, IV, III: a narkar, a tace yashi, a ƙafar da ruwa, sannan a ɗumama busasshen abin da ya rage. A ɗakin gwaji wannan hanya za ta iya raba ukun. Amma ba ta cikin haruffan. Sai ya zauna yana kallon allo, yana ganin ko dai shi ya yi kuskure ko an yi kuskure a tambayar, daga ƙarshe ya ɗauki A ko D don sun fi kama da nasa. Sanin da ya yi ne ya kai shi rami. Wanda ya gwada haruffan da aka ba shi bai shiga wannan ba, domin tambayarsa ita ce wanne daga cikin huɗun nan ne zai yi aiki.

Na biyu ya shafi wata dabara da ake raɗa wa ɗalibai a wuraren darasin share fage: wai ka ƙirga, lambar da ta fi yawa a kowane gurbi ita ce daidai. Dabarar tana da asali. Mai shirya tambaya yakan rubuta amsar gaskiya, sannan ya ƙirƙiri na bogi ta hanyar musanya abu biyu daga cikinta, shi ya sa amsar kan yi kama da kowanne daga cikinsu fiye da yadda suke kama da juna. A tambayar jihadi ma, in ka duba, ƙirga za ta kai ka C. Amma ga tambayar gishiri: haruffa uku sun fara da II, ɗaya tilo ya fara da III, kuma tilon ne daidai. Mai tambayar da ya san inda ɗalibai ke zamewa yakan gina na bogin duka a kan kuskuren da aka saba yi. Ƙirga ba ilimi ba ce. In an rasa komai a minti na ƙarshe, a yi ta; in akwai ko biyu ɗaya da aka tabbata da su, su za a bi.

Jeri a juye

Kuskuren da ya fi ciwo a wannan fanni shi ne na wanda ya san komai amma ya jera ta baya. Dubi wannan: jera jihohin nan bisa lokacin ƙirƙirarsu, daga ta baya-bayan nan zuwa wadda ta fi daɗewa.

I. Katsina
II. Zamfara
III. Bauchi
IV. Jigawa

A. III, I, IV, II
B. II, I, IV, III
C. III, IV, I, II
D. II, IV, I, III

An ƙirƙiri Bauchi a 1976 zamanin Murtala Muhammad, Katsina a 1987 daga tsohuwar jihar Kaduna, Jigawa a 1991 daga Kano, su biyun a zamanin Babangida, sai Zamfara a 1996 daga Sakkwato zamanin Abacha. Wanda ya san wannan duka, ya kuma karanta tambayar da gaggawa, zai ga A ya yi tsalle a kai, don A ya jera su tsaf daga tsohuwa zuwa sabuwa. Amma daga sabuwa aka ce a fara. Amsa D.

Akwai alamar da ke tona wannan tarko tun kafin a faɗa. In ka ga haruffa biyu ɗaya juyin ɗaya ne, kamar A da D a nan, koma ka sake karanta kan tambayar. Ba kullum ne amsar ke cikin biyun ba (B da C ma juyin juna ne a wannan misali), amma ganinsu na nufin mai tambaya ya shirya kama wanda bai lura da alkibla ba. Tunda a Ingilishi ake rubuta yawancin tambayoyin, kalmomin da za ka gani a allo ƙalilan ne, kuma ya kamata a san su tun daga gida: `chronological order` na nufin daga na farko zuwa na ƙarshe, `ascending` daga ƙarami zuwa babba, `descending` daga babba zuwa ƙarami, `most recent` kuma na baya-bayan nan. Kafin ka gwada kowane biyu, faɗa wa kanka a zuci abin da gefen hagu ke nufi. A nan, hagu shi ne sabo.

Da zarar an daidaita alkibla, tambayar ta zama ta bugu biyu. Zamfara ta fi Bauchi sabunta, don haka II zai riga III: A da C sun tafi tare. Jigawa ta fi Katsina sabunta: B ya tafi. Lura kuma da cewa ƙirga ba ta da abin cewa a nan, don kowane gurbi biyu da biyu ne.

Inda dabarar ke tuntuɓe

Wa ya riga wa tana aiki ne a kan layi miƙaƙƙe, mai farko da ƙarshe. Wasu abubuwan kuwa zagaye suke yi. Muharram da Zulhajji, wa ya riga wa? In daga farkon shekara aka fara, Muharram ne. In aka ce a fara daga Shawwal, to Zulƙida da Zulhajji za su zo, sannan Muharram da Safar. Haka zagayen jini yake a ilimin halittu: daga gefen dama na zuciya zuwa huhu, daga huhu zuwa gefen hagu, daga nan zuwa sassan jiki, sannan ya dawo gefen dama. Tambayar ko huhu ya riga gefen dama ba ta da amsa sai an san daga ina aka tashi. A irin wannan, fara da neman mafarin da tambayar ta ambata, ka kayar da duk harafin da bai tashi daga nan ba. Sannan ka sauya gwajin: maimakon wa ya riga wa, tambayi wa ke bin wa kai tsaye. Jinin da ya bar huhu gefen hagu na zuciya yake shiga. Duk harafin da ya sa wani abu daban bayan huhu ya faɗi, ko daga ina ya fara. A nan maƙwabta ne ke aiki, na nesa ba su da amfani.

Sai abin da ya bayyana sau biyu a tarihi. A jerin shugabannin Nijeriya, Obasanjo da Buhari, wa ya riga wa? Obasanjo ya yi mulkin soja daga 1976 zuwa 1979, Buhari daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, Obasanjo ya dawo a farar hula daga 1999 zuwa 2007, Buhari kuma daga 2015 zuwa 2023. In tambayar ta haɗa Buhari da Babangida da Abacha, ka duba ko ta ce mulkin soja, ko ta sa wa sunan muƙamin Manjo Janar, kafin ka yanke inda zai zauna. Haka Mina take a aikin Hajji: alhazai na sauka can ranar takwas ga Zulhajji kafin Arfa, su kuma dawo ranar goma bayan sun kwana Muzdalifa. Wanda ya kafe cewa Mina kafin Arfa take ya yi gaskiya, wanda ya ce bayanta take shi ma ya yi gaskiya. Irin wannan abu kada a fara gwaji da shi. A ɗauki biyun da kowannensu sau ɗaya ya faru, kamar Arfa da Muzdalifa, a bar mai fuska biyu haruffan da suka rage su nuna wace fuskar ake nufi.

Babban haɗarin dabarar dai yana cikin ƙarfinta. Tunda kuskure ɗaya ke kayar da harafi, to tabbaci ɗaya na ƙarya ya isa ya kayar da amsar gaskiya, kuma ba za ka sake waiwayarta ba. Ɗalibin da ya ɗauka tsarin mulkin Macpherson ya riga na Richards zai soke amsar daidai a daƙiƙa ta biyar, ya ci gaba da aiki cikin natsuwa a kan uku marasa amfani. Jerin gaskiya shi ne Clifford a 1922, Richards a 1946, Macpherson a 1951, Lyttleton a 1954; ukun ƙarshe sun matsu cikin shekara takwas, shi ya sa ake cuɗa su. Maganin shi ne ka bambanta abin da ka sani da abin da kake zato. Tabbacin da ke da dalili a bayansa, irin na sarkin da aka kashe ba ya sake fita yaƙi, ko ba a tace abin da ya bushe, shi za a fara da shi. Wanda ya dogara ga haddar shekara kaɗai a ajiye shi ƙarshe, lokacin da haruffa biyu suka rage.

Akwai alamu biyu da ke nuna an zame. Ɗaya ita ce haruffa huɗun duka su faɗi. Ɗayar kuma ita ce wanda ya rage ya ƙi wucewa a bin mahaɗa na ƙarshe, ka tarar da wani wuri a cikinsa da ka san ba daidai ba ne. In haka ta faru, kada ka fara daga farko. Duba alkibla tukuna, ko ka jera ta baya. In ba ita ba ce, duba lambobin Romawan ko ka ɗauki ɗaya a madadin ɗaya. In nan ma lafiya, to ɗaya daga cikin biyun da ka yi hukunci da su ne ba daidai ba: janye wanda ka fi rauni a kansa, ka miƙe yatsan harafin da ya kayar, ka bi mahaɗan wannan harafin. In daƙiƙa arba'in sun wuce har yanzu biyu na takara, zaɓi ɗaya, riƙe lambar tambayar, ka dawo mata bayan ka kai ƙarshen darasin.